Kwamfuta Ta Ce Shi Ne: Yadda Kama da Wane Ta Kai Mutum Bayan Kanta

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Yau kuwa kamar ce ke sa a garƙama wa mutum ankwa, muddin kwamfuta ce ta hango ta.

A watan Janairun 2020, 'yan sandan birnin Detroit na Amurka suka kama wani baƙar fata mai suna Robert Williams a ƙofar gidansa, a gaban matarsa da 'ya'yansa mata biyu. Zargin shi ne ya saci agoguna biyar a wani kanti tun a 2018. Ya shafe kusan awa 30 a tsare. Bai saci komai ba.

To, yaya aka yi? 'Yan sanda sun ciro hoton ɓarawon daga bidiyon kyamarar kantin, hoto ne dishi-dishi. Suka saka shi a manhajar gane fuska, wadda ke mayar da siffar fuska jerin lambobi, sannan ta kwatanta su da na miliyoyin hotunan da hukuma ke ajiye da su. Ku lura da nan: manhajar ba ta cewa “ga ɓarawon”. Jero waɗanda suka fi kama da shi take yi, ko da ɓarawon ba ya cikin rumbun hotunan sam. Cikin waɗanda ta jero har da hoton tsohon lasin tuƙin Williams.

Daga nan kuskuren ya koma hannun mutane. Aka haɗa hotonsa da na wasu biyar, aka nuna wa wata jami'ar tsaro da ba ta wurin lokacin satar, bidiyon kawai ta kalla. Ta nuna Williams. Yo wa za ta nuna, tunda dama don yana kama da ɓarawon aka sako shi? Sai abin ya zama kamar hujja biyu, alhali kamar nan ɗaya ce aka ƙirga sau biyu.

Me ya sa baƙar fata suka fi faɗawa wannan tarko? Na farko, manhajar daga hotuna take koyon aiki. Idan yawancin hotunan da aka horar da ita da su na fararen fata ne, za ta ƙware wajen bambance su, ta riƙa haɗa fuskokin baƙaƙe. Na biyu, kyamara. In haske bai wadata ba, fuska mai duhu kan fito ba tare da ƙananan alamomin da ke bambanta ta da wata ba. Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton abokinsa da dare a hostel ya san zancen.

An auna wannan giɓi. A Disambar 2019, hukumar awo ta Amurka, NIST, ta gwada manhajoji 189. A da yawa daga cikinsu, yiwuwar a ɗauki mutum biyu daban a matsayin mutum ɗaya ya ninka sau 10 zuwa 100 a fuskokin baƙaƙe da 'yan Asiya, in aka kwatanta da farare. 'Yan Afirka ta Yamma, wato mu ke nan, suna cikin waɗanda kuskuren ya fi yawa a kansu. Amma fa manhajojin ba ɗaya suke ba, giɓin ƙarami ne a mafi ingancinsu.

Bari mu yi ɗan lissafi na misali. A ce manhaja tana kuskure sau ɗaya a kwatance 100,000. Kamar ba komai, ko? Ku saka mata hotuna miliyan 10, sai ta fito da kusan mutum 100 da ba ruwansu. In kuskuren ya ninka sau goma a kan masu duhun fata, sun zama 1,000. Girman rumbun ke mayar da ƙaramin kuskure babbar masifa.

Ba a kan Williams abin ya tsaya ba. A 2023, a Detroit ɗin dai, aka kama Porcha Woodruff tana da cikin wata takwas, bisa zargin fashin mota, daga baya aka janye tuhumar. Wanda aka saki ma bai tsira ba: an ɗauki zanen yatsunsa, ya yi asarar aiki da kuɗin lauya, yara kuma sun ga an tafi da shi.

Williams ya kai ƙara, aka sasanta a 2024. Birnin ya amince zai biya shi dala 300,000, kuma 'yan sandansa ba za su ƙara kama mutum don sakamakon manhajar kaɗai ba. Ba za su saka hotonsa a jerin da ake nuna wa shaida ba, sai da wata hujja ta daban.

Don haka in kun ji an ce kwamfuta ta gano mai laifi, ku yi tambaya uku. Yaya ingancin hoton da aka ba ta? An gwada ta a kan fuskoki irin na wanda ake zargi? Sannan ban da fuskar, wace hujja ce ta nuna yana wurin a lokacin? In ta ukun ba ta da amsa, to ba wane aka kama ba, mai kama da wane ne.