Yadda ake raba bidiyo babi-babi kamar littafi

Karatun malami na awa ɗaya da minti goma yana cikin wayarka, amma amsoshin tambayoyin ƙarshe kawai kake nema. Sai ka yi ta jan layin ƙasan bidiyon da yatsa, ka wuce wurin, ka dawo baya, har ka haƙura. Alhali kuwa fayil ɗin MP4 da na MKV duk suna da gurbin da ake rubuta sunayen babi da lokutansu, gefe guda da hoto da sauti. Idan an cike gurbin, manhajar kallo irin VLC takan jero babin, ka taɓa wanda kake so ta kai ka kai tsaye.

Aikin bai wuce rubuta ɗan fayil na rubutu zalla ba, sannan a sa FFmpeg, manhajar kyauta da ake ba umarni a rubuce, ta cusa shi cikin bidiyon. A ce karatun namu ya kasu uku: gabatarwa daga farko, darasi daga minti 12 da daƙiƙa 30, tambayoyi daga minti 48 da daƙiƙa 5. A fayil mai suna babi.txt, babi na biyu zai kasance haka:

```
;FFMETADATA1
[CHAPTER]
TIMEBASE=1/1000
START=750000
END=2885000
title=Darasi
```

Layin farko sau ɗaya ake rubuta shi, a can sama, domin da shi FFmpeg take gane irin fayil ɗin. Sauran layuka biyar kuwa kowane babi yana da nasa.

A lissafin lokaci ne mutane suka fi tuntuɓe. TIMEBASE shi ne ma'aunin da ake ƙirga lokaci da shi, kuma 1/1000 yana nufin an raba kowace daƙiƙa gida dubu. Minti 12 da daƙiƙa 30 daƙiƙa 750 ke nan, idan aka ninka da dubu sai ya zama 750000. Haka minti 48 da daƙiƙa 5 ya zama daƙiƙa 2885, wato 2885000, inda darasi ya ƙare tambayoyi suka fara. Wanda ya manta da ninkawar ya rubuta 750 kawai ba zai ga gargaɗi ba. Aikin zai tafi lafiya lau, sai ya buɗe bidiyon ya tarar babin duk sun cunkushe a daƙiƙun farko, duk wanda ya taɓa sai ya mayar da shi wurin sallamar malam. Da zarar ka ga haka, koma ka duba sifirorin.

Haɗawar umarni ɗaya ce:

```
ffmpeg -i karatu.mp4 -i babi.txt -map_metadata 1 -map_chapters 1 -codec copy sabo.mp4
```

Kalmomin -codec copy su ne ke hana a sake matse hoton. Kwafar sa kawai ake yi, saboda haka ingancinsa ba ya raguwa, aikin kuma ba ya daɗewa. Don tabbatarwa, umarnin ffprobe -show_chapters sabo.mp4 zai nuna abin da ya shiga.

Sunan babi ya cancanci a zauna a yi masa tunani. "Kashi na 2" bai gaya wa kowa komai ba, amma "Tambaya kan zakkar amfanin gona" ya isa mai nema ya san ya iso. A taƙaita shi, don fuskar waya ƙarama ce. A kuma adana babi.txt da tsarin UTF-8, in ba haka ba haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, su fito a hargitse. Ni a ganina gara alamar ta riga maganar da daƙiƙa ɗaya ko biyu, da mai kallo ya faɗa tsakiyar jimla.

Babin suna bin fayil ɗin ne muddin ba a taɓa shi ba. Kwafa zuwa katin memori ko turawa ta Xender ba ya canza komai. WhatsApp kuwa yakan matse bidiyo kafin ya aika, kuma a nan babin kan salwanta, don haka a tura shi a matsayin Document. Wanda ya yanke minti biyu daga farkon bidiyon bayan ya gama lissafi, dole ya rage minti biyun daga kowane lokaci da ya rubuta a babi.txt, ban da sifirin da babi na farko ya fara da shi. Ba kuma kowace manhajar kallo da ta zo da waya ke nuna jerin ba, ko da yana ciki.

YouTube tsarinsa daban: a akwatin bayanin bidiyo ake rubuta lokutan. Na farko ya zama 00:00, babin su kai uku, kowanne kuma kada ya gaza daƙiƙa goma. Wanda zai ɗora karatun a can kuma ya raba shi a kati, sai ya rubuta jerin a wurare biyun.