Sabon Tsarin Aiki: Gano Inda Ma'aikaci Ya Tsaya

Tsarin ADKAR, wanda Jeff Hiatt ya bayyana cikin littafinsa a kan batun a 2006, ya nuna cewa ma'aikaci yana taka matakai biyar bi da bi kafin ya karɓi sabuwar hanyar aiki: sanin dalili, yarda, koyo, iyawa da ɗorewa.

Alal misali, ofis ya koma aiki da na'ura mai ƙwaƙwalwa, amma akawu ya ƙi sakin tsohuwar rajistarsa. Sai shugabansa ya auna shi, maki 1 zuwa 5 a kowane mataki. Matakin farko da ya sami 3 ko ƙasa, nan cikas yake. In tsoron rasa aiki ne ya hana shi yarda, ƙarin horo ba zai amfane shi ba, sai an kawar da tsoron tukuna.