Kalmomi uku da ke iya lalata ƙuri'a a birnin Zazzau

Gabanin kowane babban zaɓe, Hukumar Zaɓe ta Ƙasa, INEC, kan shirya saƙonnin wayar da kan masu zaɓe da Ingilishi, sannan a mayar da su Hausa da Yarabanci da Ibo da Turancin buroka. A cikin ganuwar Zariya, inda ake ciniki da wa'azi da Hausa, wannan fassara ce ke isa ga mafi yawan jama'a, ko dai a gajeren tallan rediyo mai kiɗa, ko a 'yar takardar da ake rabawa. Idan mai fassara ya yi sake da kalma guda, ƙuri'a ce ke salwanta. A zaɓen shugaban ƙasa na 2019 an soke ƙuri'u 1,289,607 a faɗin Najeriya, a na 2023 kuma 939,278. Ba dukkansu ne laifin fassara ba, amma akwai kalmomi uku da ke yawan rikita mutane.

Ta farko ita ce "mazaɓa". Bahaushe kan kira yankin da ɗan majalisa ke wakilta mazaɓa, ya kira gunduma irin Kwarbai ko Kaura ko Limancin Kona mazaɓa, har wurin da ake jefa ƙuri'a ma mazaɓa ne a bakinsa. Saƙon da ya ce "ka je mazaɓarka" bai faɗa wa mai sauraro komai ba, domin doka ba ta yarda mutum ya yi zaɓe ba sai a rumfar da sunansa yake. Wannan ya ƙara muhimmanci tun 2021, lokacin da hukumar ta ƙara yawan rumfunan zaɓe zuwa 176,846, aka kuma sauya wa wasu masu zaɓe wuri don rage cunkoso. Fassara mai kyau kan ce "rumfar zaɓe", ta kuma umarci mutum ya tabbatar da tasa kafin ranar.

Ta biyu ita ce "tantancewa". Kalmar ba ta sauya ba, amma aikin da take nufi ya sauya. A 2015 ana tantance mutane da safe, su jira sai da rana a fara jefa ƙuri'a. Daga baya aka haɗe matakan biyu. A 2023 na'urar BVAS ce ke duba yatsa ko fuskar mai katin zaɓe na dindindin, nan take a miƙa masa takardar ƙuri'a, kuma duk wanda ke kan layi kafin ƙarfe 2:30 na rana yana da haƙƙin yin zaɓe. Tallan da ya ce "a zo a tantance" kawai zai iya sa ɗan kasuwa ya zaci tsohon tsari ne, ya ƙi barin shagonsa don gudun asarar yini guda. Dole saƙon ya faɗi ƙarara cewa zuwa ɗaya ne.

Ta uku ita ce "dangwala". Kalmar Ingilishin da aka saba amfani da ita tana nuni da babban yatsa, alhali hukumar ta bayyana cewa kowane yatsa ya halatta. Abin da ke soke ƙuri'a shi ne dangwala wa jam'iyyu biyu, ko tawada ta faɗa tsakanin gida biyu har a kasa gane nufin mai zaɓe. Shi ya sa ake cewa a naɗe takardar rubutu na ciki, sannan a danne ta, don kada ɗanyar tawada ta shafi wani gida.

A nan ne rediyo ke gazawa. Takardar ƙuri'a ba ta ɗauke da sunan ɗan takara ko hotonsa, sai alamar jam'iyya da gajeren sunanta, kuma murya ba ta nuna alama. Ranar 25 ga Fabrairu 2023 an ba kowane mai zaɓe takardu uku, na shugaban ƙasa da sanata da ɗan majalisar wakilai, kowace da akwatinta. Wannan sai hoto. Ita kuma takarda ba ta amfanar wanda bai karanta boko ba, ko da gwani ne a ajami, sai an yawaita zane an taƙaita rubutu. Rediyo ne ke shiga cikin gida har wurin matan aure, takarda kuma ke nuna abin da ido zai gani a rumfa.

Hanyar gwada fassara ba ta da tsada. A kunna wa mutane kaɗan tallan a Ƙofar Doka ko bakin kasuwar birni, a tambaye su ina za su je, me za su riƙa, kuma yaya za su naɗe takarda. Inda amsoshinsu suka saɓa, nan ne kalmar da ke buƙatar gyara kafin a kai saƙon gidan rediyo.