Zubin ƙungiya ta salula: kuɗi sun shiga, amma an rubuta sunanka?

A gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji, manomi ko makiyayi yana iya biyan zubin ƙungiyarsa bai taka ƙafa zuwa ofis ba: ya tura ta Airtel Money, ko ya bi ta NITA ko Amana. Sai dai shigar kuɗi daban, zama mamba daban. Abin da ke shaidar mamba shi ne rajista.

Dokar OHADA ta ƙungiyoyin gama-kai, wadda aka amince da ita a Lome ranar 15 ga Disamba 2010 kuma take aiki a Nijar, ta wajabta wa kowace koperatif ta ajiye rajistar mambobi a mazauninta. A ciki ana rubuta lambar shigar mutum, sunansa, adireshinsa, sana'arsa da yawan hannun jarin da ya biya. A lura, hannun jari ba zubin shekara ba ne. Na farko yana cikin jarin ƙungiya, kuma mai fita yana iya neman a mayar masa. Zubi kuwa kuɗin tafiyar da aiki ne.

Ga inda matsala take tasowa. Mu ɗauka wata ƙungiya a yankin Tsibiri tana da mambobi 60, zubinta jika ɗaya, wato sefa 1.000 a shekara. Bayan girbi ma'aji ya ga jika 45 sun shigo, amma suna 38 kaɗai ya iya rubutawa. Sauran bakwai fa? An turo su ne daga lambar mai shagon tura kuɗi, ko ta wani ɗa da ke Maraɗi, saƙon kuwa sunan mai layin yake nunawa. Mata sun fi faɗawa cikin wannan, domin da yawa da salular maigida ake tura musu.

Abin ba ya fitowa fili sai ranar rabon abin da aka keɓe wa mambobi: taki ko iri bisa bashi, ko gurbi a magazan warantaji, inda ake ajiye buhunan gero da wake ƙarƙashin kwaɗo biyu a karɓi rance har farashi ya tashi. Ran nan za a ce wa mutum bakwai ba su biya ba, alhali kuɗinsu na cikin asusu.

Don haka wanda ya tura ya riƙe saƙon shaida ko rasit ɗin, domin kowane turi yana da lambarsa. Ya kira ma'aji a ranar, ya faɗa masa wannan lamba tare da lambar katinsa na ƙungiya. Shi kuma ma'aji ya riƙa gwada jimillar asusu da ta rajista kowace ranar kasuwa; bambancin jika ɗaya ma alama ce an bar sunan wani.

Lambar sirrin salula kuwa ba ta cikin abin da ake faɗa wa ma'aji. Duk wanda ya kira da sunan ƙungiya yana nemanta, ɗan damfara ne.