Ko Kun Sani? Layi Biyu Sun Isa a Auna Tazarar Kalmomi

Gyara biyu kawai ke tsakanin "gida" da "gado": a mai da i ta zama a, sannan a ta ƙarshe ta zama o. Mafi ƙarancin adadin gyara irin wannan, wato saka harafi, cire shi ko musanya shi, shi ake kira tazarar Levenshtein, da sunan masanin lissafi Vladimir Levenshtein wanda ya bayyana ta a 1965.

Kwamfuta kan lissafa ta da teburi, haruffan kalma ɗaya a tsaye, na ɗayar a kwance. Kowane gurbi maƙwabtansa uku kaɗai yake dubawa: na sama, na hagu, da na kusurwar da ke tsakaninsu. Ke nan da an cike layi, wanda ke samansa ya gama aiki, sai a rubuta sabo a kansa. Rubutu biyu masu haruffa 10,000 kowanne na cin gurbi kusan miliyan 100 a cikakken teburi, amma da layi biyu kusan 20,000 sun wadatar.

Sai dai lokacin lissafin bai ragu ba, domin dole a bi kowane gurbi. Kuma adadin kawai za a samu: jerin gyare-gyaren ya tafi tare da layukan da aka goge.