Malami Ɗaya, Aji Biyu: Yadda Ake Kama Karo a Jadawalin Darussa

Ranar Talatar farko ta zangon karatu, an kaɗa ƙararrawar firiyad ta uku, sai ga monitoci biyu a ƙofar ofishin malamai, kowa da allinsa a hannu, kuma dukkansu malamin lissafi suka zo kira. Ɗaya daga aji ɗaya, ɗaya daga aji biyu. Malamin ya dube su, ya dubi jadawalin da ke manne a bango, sannan ya juyo wajena, don ni na zana shi.

"Ranka ya daɗe, raba ni za a yi gida biyu?"

Kwana uku na yi a kan jadawalin nan da fensir da abin gogewa, kuma na duba shi har idona ya yi ja. Laifin ba na ido ba ne. Jadawalin bango an tsara shi ne don ɗalibi, kowane aji da takardarsa, ranaku a gefe, firiyad a sama. Wanda yake son ya san ko malami yana wuri biyu a lokaci guda sai ya jera takardun azuzuwa duka yana bin su gida-gida. Da na koma kwamfuta, abin da ya fi yi mini amfani shi ne daina zana wannan teburin tun farko.

Mu ɗauki ƙaramar sakandare mai azuzuwa shida, daga `JSS1A` zuwa `JSS3B`. Litinin zuwa Alhamis firiyad takwas-takwas, Juma'a biyar saboda masallaci. Kowane aji ke nan yana da gurbi 37 a mako, makarantar duka kuwa darasi 222. Kafin a taɓa kwamfuta sai a yi lissafin hankali. Idan kowane aji yana bukatar lissafi sau biyar a mako, firiyad 30 ke nan, kuma malami ɗaya zai iya ɗauka a takarda tunda 30 bai kai 37 ba, sai dai zai jigata. Idan azuzuwan takwas ne, 40 ake nema, kuma babu manhajar da za ta cusa 40 cikin 37. Wannan maganar shugaban makaranta ce da neman ƙarin malami. Mutane da yawa suna kwana gaban kwamfuta suna neman mafitar da babu ita, don sun tsallake wannan ƙidayar.

Sai a buɗe Excel, a yi jeri mai tsawo, kowane darasi guda da layinsa na kwance. Layin farko na kanun bayanai ne: `A` rana, `B` firiyad, `C` aji, `D` darasi, `E` malami, `F` ɗaki. Idan `JSS1A` yana da lissafi sau biyar, layi biyar zai ci. Haka za a bi har a sauka layi na 223. A cike aji da darasi da malami da ɗaki, a bar rana da firiyad fayau tukuna. Wannan jeri kamar littafin bashi ne, ya nuna duk abin da makaranta za ta biya ɗalibai a mako, saura a sa wa kowane bashi ranar biya.

Karo iri uku ne, kuma tambaya ɗaya ce ake maimaitawa: a wannan rana da wannan firiyad, sau nawa sunan nan ya fito? Akwai fomular da aikinta ke nan, `COUNTIFS`, wadda ta shigo Excel tun fitowar 2007. A rubuta waɗannan a gidajen `G2` da `H2` da `I2` bi da bi, sannan a ja su har ƙasan jerin:

```
=COUNTIFS(A:A,A2,B:B,B2,E:E,E2)
=COUNTIFS(A:A,A2,B:B,B2,C:C,C2)
=COUNTIFS(A:A,A2,B:B,B2,F:F,F2)
```

Ta farko malami take gadi, ta biyu aji, ta uku ɗaki. Amsar 1 lafiya lau ce. Amsar 2 ko fiye karo ne. A Excel, layin da ba a ba shi rana ba tukuna 0 yake nunawa, wanda shi ma amfani ne, don yana tuna maka darasin da ka manta. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram masu Excel na Faransanci za su tarar sunan fomular `NB.SI.ENS`, kuma alamar `;` ce ke raba sassanta a maimakon waƙafi.

Lamba cikin layi 222 tana iya ɓuya, don haka a sa mata launi. A zaɓi jerin daga `A2` zuwa `I223`, a shiga `Conditional Formatting`, a kafa sabuwar doka ta fomula da `=MAX($G2:$I2)>1`, a zaɓi ja. Duk layin da ke da karo zai rine. Ni ina ƙara gida ɗaya can sama a gefe, a `L1`, da `=COUNTIF(G:I,">1")`, wanda yake faɗa mini yawan gidajen da ke kuka ba sai na gangara ƙasa ba.

Kada mai karatu ya ɗauka kwamfutar ce za ta tsara jadawalin. Maigadi ce kawai. Kai za ka ajiye kowane darasi, ita kuma ta yi ihu in ka taka wani. Saboda haka abin da aka fara ajiyewa shi ne rabin aikin, kuma da mai wuya ake farawa. A misalinmu ɗakin kwamfuta ɗaya ne, kowane aji yana bukatar firiyad biyu a jere, malamin kuma Talata da Alhamis kaɗai yake zuwa. Idan hutun tara yana bayan firiyad ta huɗu, rana guda tana ɗaukar tagwayen firiyad huɗu, kwana biyu takwas, mu kuma shida muke nema. Akwai sarari, amma biyu kacal. Wanda ya fara da Hausa da Turanci ya cike Talata da Alhamis, in ya zo kan kwamfuta sai ya warware abin da ya saƙa. Bayan ɗakunan da ake rububi da malaman da ke da ranaku ƙayyadaddu, sai malami mai nauyin kaya kamar na lissafi, sannan sauran.

Mu koma kan monitocin nan biyu. A jerin, layuka biyu sun yi ja: `M04`, malamin lissafi, Talata firiyad ta 3, a `JSS1A` da `JSS2B`, kuma `G` na nuna 2 a kowanne. Abin da hannu ke fara yi shi ne ya mayar da na `JSS2B` firiyad ta 5, inda malamin ba shi da kowa. `G` ta koma 1, amma jan bai tafi ba, yanzu `H` ce ta zama 2, saboda `JSS2B` suna da Hausa da `M09` a wannan lokacin. Dama kuwa, tunda gurabun aji 37 ne kuma darussansa 37, babu gidan da ba kowa. A cikakken jadawali ba a matsar da darasi, musanya ake yi. Hausa ce za ta dawo firiyad ta 3. To shi `M09` yana ina a firiyad ta 3? Sai a sa `Filter`, a tace Talata da `M09`. In yana `JSS3A` a lokacin, musanyar ba ta yi ba, an dai canza wa karon mai shi. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a fara rubuta gurabun da `M04` ba shi da aiki, guda bakwai ne a mako, a duba wane malami ne ke `JSS2B` a kowannensu, a nemi wanda hannunsa sake yake ranar Talata firiyad ta 3. Sau da yawa akan samu ɗaya ko biyu. In ba a samu ba, sai musanya ta zagaya ta kan darussa uku.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne jerin da ya yi fari tas alhali karo na ciki. Fomular harafi take kwatantawa, ba ta san mutum ba. `JSS1A` da `JSS 1A` azuzuwa biyu ne a wurinta. In yatsa ya zame ka rubuta Talatu a maimakon Talata, ka ƙirƙiro rana ta shida wadda babu mai karo a cikinta. Mafi muni shi ne tazarar da aka bari bayan kalma, wadda ido ba ya gani sam. Haka in malamai biyu suna ɗaya gare su, abin da ba ya wuya a ofishin malamanmu, za ta yi ta ƙarar karon da babu. Shi ya sa nake ba kowane malami lamba. Sannan a ajiye sunayen ranaku da azuzuwa da malamai da ɗakuna a wani shafi dabam, a ɗaure su da `Data Validation` nau'in `List`, ta yadda zaɓa za a riƙa yi, ba bugawa ba. Hanyar gane ɓarna kuwa ita ce a buɗe `Filter` na kowane layin tsaye a ƙirga: ranaku biyar, azuzuwa shida. In ka ga bakwai, akwai baƙo. A kuma lura da ɗakin da aka bari ba a cike ba, don 0 zai bayar, ba zai taɓa yin ja ba.

Akwai kuma jan da ba laifi ba ne. In aji ya rabu biyu lokacin darasin addini, wasu su tafi na Musulunci wasu na Kirista, `H` za ta nuna 2 kuma daidai ne. In an haɗa azuzuwa biyu a fili wajen malamin motsa jiki, `G` da `I` duk za su yi kuka. Ba na ɓoye irin waɗannan. Ina rubuta "da gangan" a gefensu, in ƙirga su, in san cewa lambar `L1` ta kamata ta tsaya a kan, misali, 12. Ranar da na ga 14, wani ya taɓa wani abu.

Sai a ƙarshe ake fitar da teburin bango. A `J2` a haɗa makulli da `=C2&"|"&A2&"|"&B2`, a ja shi ƙasa. A sabon shafi, sunan aji a `A1`, ranaku daga `A3` zuwa ƙasa, lambobin firiyad daga `B2` zuwa dama, idan sunan shafin farko `Jeri` ne:

```
=INDEX(Jeri!$D:$D,MATCH($A$1&"|"&$A3&"|"&B$2,Jeri!$J:$J,0))
```

Canza sunan ajin da ke `A1` kawai, teburin wani aji ya fito. Amma `MATCH` abin da ta fara tararwa shi take ɗaukowa, ta yi shiru a kan na biyu, don haka teburin zai fito tsaf ko da karo na kwance a jerin. Gyara a jeri ake yinsa, tebur na bugawa ne kawai.

Ko da ja ya ƙare, fomulolin nan uku ba su san an jera wa `M04` firiyad shida ba hutu ba, ba su san lissafi ya faɗo wa aji ɗaya sau uku ranar Alhamis ba, balle su san ɗakin gwaje-gwaje ba ya ɗaukar ɗalibai saba'in. Na biyun ana iya kama shi da wata `COUNTIFS` a kan rana da aji da darasi. Sauran kuwa, ni dai nakan tace jerin malami-malami, in buga wa kowa nasa, in raba a ofishin malamai kwana biyu kafin a manna na bango. A zangon da ya biyo, wata malama ce ta dawo mini da tata takardar, ta nuna firiyad ta takwas ranar Laraba da bakin biro.

"Malam, a wannan lokacin nake ɗauko yara daga firamare."

Musanya biyu ta ci kafin layin ya koma fari.