Lambar da ake gani daga ƙarshen fili

Ƙungiyar ƙwallo takan canja kaya kamar hawainiya: na gida daban, na waje daban, wani lokacin ma alƙalin wasa ya sa a sake wando ko safa don sun yi kama da na abokan karawa. Amma lamba da sunan ɗan wasa da tambarin mai ɗaukar nauyi dole su karantu a kowace shiga.

Shi ya sa ba a jingina lamba da wando kaɗai. Celtic ta Scotland ta daɗe tana yin haka don kada ta ɓata ratsin rigarta kore da fari, har sai da aka tilasta mata sa lamba a riga a 1994. Yau ƙa'idar FIFA ga maza ita ce tsayin lambar baya ya kai santimita 25 zuwa 35, kuma launinta ya fita daban da na rigar.

A nan ƙungiyoyin unguwa ke tafka kuskure. Suna duba bambancin launi, alhali daga nesa ido haske da duhu yake rarrabewa. Ja da kore ba sa kama da juna a hannu, amma jan rubutu a kan koriyar riga yakan nutse idan magariba ta kawo jiki, domin duhunsu kusan ɗaya ne. Gwajin ba wuya: ɗauki hoton rigar da waya, ka mayar da shi baƙi da fari. In lambar ta ɓace a hoton, za ta ɓace a fili.

A ce ƙungiya ta sayi jar riga ta gida da fara ta waje. Tambarin sai ya zo iri biyu, fari don ja, baƙi ko shuɗi mai duhu don fara, siffa da girma da mazauni duk ɗaya. Mai buga riga da ya ce launi ɗaya ya wadatar, aljihunsa yake tausaya wa. Riga mai ratsi kuwa, ko a bar mata fili marar ratsi a baya, ko a nemi launi na uku, kamar yadda Barcelona ta sha sa lamba ruwan ɗorawa a kan ja da shuɗi.

Jar rigar nan tana da wata muguwar ɗabi'a. Yawancin rigunan ƙwallo na foliyesta ne, kuma idan injin manna lamba ya yi zafi wajen digiri 160, rinin yadin yakan tashi ya shige cikin farin rubutun. Ba lallai a gani a shago ba; bayan kwana biyu ko mako sai a tarar fari ya koma ruwan hoda, kuma wanki ba ya fitar da shi. Maganinsa lamba mai shimfiɗar tare rini a ƙarƙashi, wadda ke kamawa da ƙaramin zafi. Kafin a ba da riga ashirin, a buga ɗaya, a ajiye ta mako guda a gani.